Tikiti 640 da laƙabi 93 a Jira: me zai zama sashe, me zai zama efik?

Zainab_Jekadafari

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna amfani da Jira, domin allon aikinmu ya kai matsayin da mu da kanmu ba ma iya gano abin da muka rubuta a cikinsa. Mu takwas ne a nan Gombe, kuma shekara biyu ke nan muna gina manhajar da wata ƙungiyar manoma take amfani da ita wajen raba taki bashi da karɓar biya bayan girbi, ta hannun wakilanta da ke Kumo, Dukku, Bajoga da Billiri. A yau muna da tikiti 640, kuma da na zauna na ƙirga abin da aka zuba a filin `Labels`, wanda muke kira laƙabi, sai na samu iri 93.

Abin da ya sa na kawo maganar shi ne abin da ya faru makon jiya. Wakilin Kumo ya kira ya ce idan sabis ya ɗauke a daidai lokacin da manomi yake biya, rasit yana fitowa sau biyu. Na tuna cewa mun taɓa gyara irin wannan matsala bara, sai na nemi tsohon tikitin da `labels = biyan-kudi`, aka kawo mini tikiti 41, amma babu shi a ciki. Na ɗauka ƙwaƙwalwata ce ta yaudare ni, na buɗe sabon tikiti, ɗaya daga cikin masu rubuta mana manhaja ya kwashe kwana uku yana bincike. A rana ta huɗu muka ci karo da tsohon, da cikakken bayanin dalilin matsalar a cikinsa, an sa masa laƙabin `biyan-kuɗi` da ɗ mai lanƙwasa, domin wanda ya buɗe shi a waya ya rubuta, wayarsa kuma tana da haruffan Hausa.

Muna da filin `Components`, wato sashe, amma ba mu taɓa zuba komai a cikinsa ba. Muna da `Epic` guda 14, mafi girmansu shi ne wanda muka sa wa suna Gyare-gyare, mai ɗauke da tikiti 212. Tambayata ita ce: wane abu ne ya kamata ya zama laƙabi, wane ne sashe, wane ne efik, kuma ta ina zan fara gyara ba tare da na ɓata abin da ke akwai ba?

Umar_Azare

Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Ni a ganina laƙabi shi ne tushen fitinar, don haka ki share su gaba ɗaya ki koma kan efik. Ki buɗe efik ɗaya na biyan kuɗi, ɗaya na rajistar manoma, ɗaya na rahotanni, kowane tikiti ya shiga ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. Efik ba a rubuta shi da hannu, zaɓarsa ake yi daga jeri, saboda haka maganar d da ɗ ba za ta sake tasowa ba. Haka muke yi a wurinmu, kuma allon yana da kyan gani, tunda kowane efik da kalarsa.

Sadiq_Wunti

Ban ga abin da zai ɗauki dogon lokaci a nan ba. Ki shiga shafin laƙabobi ki canza sunan `biyan-kuɗi` ya koma `biyan-kudi`, duk tikitin da ke ɗauke da shi zai bi sabon sunan nan take. Jiya ma na yi irin wannan a aikinmu, bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Injiniya_Bappah

Sadiq ƙanena, ina kyautata zaton a GitHub ka yi wannan, domin a can ne kowace ma'ajiya take da shafin laƙabobinta, inda ake canza suna kuma canjin ya bi duk abin da aka liƙa wa laƙabin. Laƙabin Jira ba haka yake ba. Rubutu ne kawai da ke zaune a jikin tikiti, duk mai izinin gyara tikiti yana iya ƙirƙirar sabo ta hanyar rubuta shi, ba ya karɓar tazara tsakanin kalmomi, kuma babu wani shafi na asali da za ka je ka canza masa suna sau ɗaya. Rashin karɓar tazarar nan ma yana cikin abin da ke haifar da 'yan biyu, domin wani zai haɗa kalmomin da karan tsakiya, wani da karan ƙasa, wani kuma ya manne su.

Malama Zainab, kafin a taɓa komai, ga yadda nake bambance ukun, kuma da tambayoyi biyu nake yi wa kowane suna. Tambaya ta farko ita ce ko abin yana da ranar ƙarewa. Biyan kuɗi ba shi da ranar ƙarewa, domin muddin manhajarku tana raye za a ci gaba da samun aiki a wannan ɓangare, saboda haka sashe ne, wato abin da ake zubawa a `Components`. Amma aiki irin na ƙara biya ta lambar waya kafin girbin bana yana da farko, yana da ƙarshe, akwai ranar da za ku ce an gama ku rufe shi, to wannan shi ne efik. Tambaya ta biyu ita ce ko akwai mutum ɗaya da za a ce ɓangaren nasa ne. Idan akwai, wannan ya ƙara tabbatar da cewa sashe ne, domin Jira tana ba kowane sashe `Component lead`, kuma ana iya saita shi yadda sabon tikitin da aka sa wa sashen zai faɗa hannun wannan mutum kai tsaye.

Abin da ya rage bayan tambayoyin nan biyu shi ne rabon laƙabi, wato siffar da take ratsa sassa da yawa kuma ba ta da mai ita, kamar a ce matsala ce da ke faruwa idan sabis ya yi rauni, ko abu ne da ake jiran amsar ƙungiyar manoman a kansa. Tikitin rasit ɗinku misali ne mai kyau: sashensa biyan kuɗi, laƙabinsa raunin sabis, efik kuma ba lallai ne ya samu ba.

Malam Umar, inda shawararka take da rauni shi ne tikiti ɗaya ba ya shiga efik biyu, uwa ɗaya yake da ita. Idan ka mayar da biyan kuɗi efik, ranar da aka zo aikin biya ta lambar waya dole ka zaɓa: ko tikitin ya zauna a efik ɗin ɓangare ka rasa hanyar auna ci gaban sabon aikin, ko ya koma efik ɗin sabon aikin ya ɓace daga jerin ɓangaren. Sashe kuwa ana iya sa wa tikiti ɗaya fiye da guda, kuma ba ya hana shi shiga efik.

Umar_Azare

Injiniya, na karɓi maganar uwa ɗaya, domin mun taɓa cin karo da ita, sai muka warware ta da buɗe tikiti biyu a kan aiki ɗaya, wanda na san ba dabara ba ce mai kyau. Sai dai ban yarda cewa efik marar ƙarewa laifi ne a kowane hali ba. Shugaban wurinmu ba ya buɗe tikiti ko ɗaya, shafin `Timeline` kawai yake dubawa, a can kuma efik ne ke fitowa a jere. Idan ƙananan gyare-gyare ba su da efik, a idonsa ba a yi su ba, alhali su ne suke cinye rabin lokacinmu.

Injiniya_Bappah

Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a yanka irin wannan efik gwargwadon lokaci, a ce Gyare-gyaren wata uku na farko, idan watannin sun cika a rufe shi, abin da bai ƙare ba a duba shi ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗauke shi zuwa na gaba. Shugaba zai ga abin da yake son gani, ku kuma dole ta sa ku waiwayi tsofaffin tikiti sau huɗu a shekara. Efik mai tikiti 212 irin na Malama Zainab ba ya gaya wa kowa komai, domin ma'aunin ci gabansa ba zai taɓa cika ba, kuma duk wanda ya rasa inda zai ajiye tikiti can zai jefa shi.

Zainab_Jekadafari

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na bi laƙabobin da tambayoyinka biyu, kuma na fara da na biyan kuɗi tunda shi ne ya cije mu. Ashe iri biyar ne: `biyan-kudi` yana kan tikiti 41, `payment` yana kan 22, `biyan-kuɗi` yana kan 17, `biyankudi` yana kan 9, sai `Biya` a kan 6. Idan aka tara su 95 ne, amma da na neme su a haɗe sai na samu 88, abin da ya nuna mini cewa akwai tikiti bakwai masu ɗauke da biyu a lokaci ɗaya. Ga abin da na rubuta, TAKI kuwa sunan aikinmu ne a Jira:

```
project = TAKI AND labels in (biyan-kudi, "biyan-kuɗi", biyankudi, payment, Biya)
```

Yanzu na buɗe sashe mai suna Biyan kuɗi, na sa wanda ya fi sanin ɓangaren ya zama jagoransa. Yaya zan kwashe tikiti 88 zuwa cikinsa ba tare da na buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba?

Adda_Hauwa

Zainab ƙanwata, kafin kowa ya ba ki matakan, bari in ba ki labarin abin da na yi da hannuna, domin kada ki maimaita shi. Ni ce mai gwajin manhaja a wurin da nake aiki a Bauchi, kuma bara aka ɗora mini irin wannan shara. Na zaɓi tikiti wajen 200, na shiga gyaran jimla, wato inda ake gyara tikiti da yawa a lokaci ɗaya, na zo kan filin laƙabi. A nan akwai zaɓi huɗu: `Add to existing`, `Replace all with`, `Find and remove these` da `Clear field`. Niyyata ita ce in maye gurbin laƙabi ɗaya mai kuskure da daidaitaccensa, sai na ga kalmar maye gurbi na zaɓi `Replace all with`. Abin da wannan zaɓi yake yi shi ne ya share duk laƙabin da ke kan tikitin, har da waɗanda ba ruwansu da gyaran, ya bar wanda aka rubuta shi kaɗai.

Ban gane ɓarnar ba sai washegari da safe, da wani abokin aiki ya ce allonsa na abubuwan gaggawa ya wayi gari fayau, domin allon da laƙabi yake tace tikiti. Babu maɓallin da zai mayar da gyaran jimla baya. Tsohon laƙabin kowane tikiti yana nan a shafin `History` nasa, amma sai an buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kuma haka na yi, kwana biyu cur. Ƙari a kan haka, na bar alamar `Send mail for this update` a kunne, saboda haka kowa a ofis ya tarar da akwatin saƙonsa cike da sanarwa.

Don haka ki fara fitar da sakamakon binciken nan zuwa fayil ɗin CSV mai ɗauke da dukkan filaye, ki ajiye shi a gefe. Idan hannu ya kuskure, aƙalla kina da hoton yadda abubuwa suke kafin ki taɓa su.

Injiniya_Bappah

Adda Hauwa ta riga ta faɗi mafi muhimmancin abin. Ga yadda zan bi da 88 ɗin nan, kuma zagaye biyu zan yi, ba ɗaya ba. A zagaye na farko, daga shafin sakamakon binciken ki zaɓi gyaran jimla, ki yi wa tikitin duka alama, ki zaɓi gyara su, sannan a filin sashe ki ƙara Biyan kuɗi da `Add to existing`, kada ki taɓa laƙabi ko kaɗan, kuma ki cire alamar aika saƙo. Idan ya gama, ki tabbatar da aikin ta hanyar neman waɗanda suka kuɓuce:

```
project = TAKI AND labels in (biyan-kudi, "biyan-kuɗi", biyankudi, payment, Biya) AND component is EMPTY
```

Tunda ba ku taɓa amfani da sashe ba, wannan bincike ya kamata ya dawo babu komai. Idan ya kawo wani abu, mai yiwuwa rufaffun tikiti ne da tsarin matakan aikinku ya hana a gyara bayan an rufe su, kuma gara ki san da su yanzu. Sai bayan kin ga babu saura za ki yi zagaye na biyu, inda za ki cire laƙabobin biyar da `Find and remove these`. Amfanin raba aikin biyu shi ne, idan wani abu ya lalace a na farko, laƙabin yana nan kina iya sake nemo tikitin da shi.

Akwai abubuwa biyu da za ki kiyaye. Sashe na aiki ɗaya ne, wato wanda kika buɗe a TAKI ba ya wanzuwa a wani aikin, shi ya sa dole binciken ya tsaya a kan `project = TAKI`, alhali laƙabi yana yawo a duk ayyukan da ke shafinku. Na biyu kuma, gyaran jimla yana sabunta ranar taɓawa ta ƙarshe a kan kowane tikiti. Idan kina da niyyar zaƙulo tikitin da suka yi wata shida ba wanda ya waiwaye su domin a rufe, ki yi wannan tun kafin sharar, in ba haka ba duk za su koma kamar yau aka taɓa su:

```
project = TAKI AND statusCategory != Done AND updated <= -180d
```

Iyakar gyaran jimla tikiti 1000 ne a lokaci ɗaya, don haka ku ba za ku kai gare ta ba.

Yakubu_Billiri

Ina bin wannan muhawara da sha'awa, amma na duba allonmu sama da ƙasa ban ga filin `Components` ba. Mu biyar ne, muna kan tsarin kyauta wanda yake ɗaukar mutum goma. Shin sai an biya kuɗi ake samun sa?

Injiniya_Bappah

Malam Yakubu, ba maganar biya ba ce, maganar irin aikin da kuka buɗe ce. Jira tana da iri biyu, `company-managed` da `team-managed`, kuma sashen da muke magana a kansa, mai jagora da miƙa tikiti kai tsaye, na irin farko ne. Idan naku na biyun ne, abin da ya fi sauƙi shi ne ka ƙirƙiri filinka na zaɓi daga jeri, ka sa masa suna Sashe, ka zuba sunayen da kuka amince da su. Za ka samu babban amfanin, wato ba wanda zai iya ƙirƙirar sabon suna da kuskuren rubutu, sai dai miƙa tikiti ga mai ɓangaren ba zai zo da kansa ba, sai ka haɗa masa ƙa'ida a `Automation`. Ban ba ka shawarar ƙaura zuwa ɗaya irin saboda wannan kaɗai ba, domin ƙaurar tana da nata wahalhalun.

Malam_Garba_Yelwa

Ni ba mai rubuta manhaja ba ne, ina kula da ayyukan gyaran gine-gine ne a wata makaranta, amma da Jira muke bin su, kuma ina da tambaya ga Malama Zainab da ban ga an taɓo ba. Kin ambaci Kumo, Dukku, Bajoga da Billiri. A tsarin Injiniya, gari ba shi da ranar ƙarewa, kuma kowane gari yana da wakilinsa, wato yana da mai shi. Ashe ke nan garuruwan ma sassa ne? Mu haka muka yi, kowane gini sashe ne, ɗakin kwanan ɗalibai daban, ɗakin gwaje-gwaje daban, kuma bai taɓa ba mu matsala ba.

Zainab_Jekadafari

Malam Garba, ka taɓo inda nake tsaye yanzu haka. Daga cikin laƙabi 93 ɗin, 19 sunayen garuruwa ne da ire-iren rubutunsu, har da `Dadinkowa` da `dadin-kowa` daga lokacin da muka yi gwaji a can. Na yi tunanin mayar da su sassa, sai na tsaya, domin idan tikiti yana da sashen Biyan kuɗi da sashen Kumo a tare, ban san hannun wa zai faɗa ba.

Injiniya_Bappah

Tsayawar da kika yi daidai ce. Tikiti mutum ɗaya ake miƙa wa, saboda haka idan sassa biyu masu jagora suka haɗu a kansa, ɗaya ne zai samu, kuma ba lallai ne ya zama wanda kike nufi ba. Malam Garba, a wurinka gini shi ne ainihin abin da ake gyarawa, shi ya sa ya zauna daidai a matsayin sashe. A wurin Malama Zainab kuwa abin da ake gyarawa manhaja ce, garin kawai inda aka ga matsalar ne, wakilin Kumo kuma ba shi ne zai gyara ta ba. Idan aka cakuɗa ɓangarorin manhaja da sunayen garuruwa a jeri ɗaya, ranar da aka nemi sanin ɓangaren da ya fi yawan matsala, lissafin zai fito da Kumo a jere da Rahotanni, abin da ba shi da ma'ana. Ni filin zaɓi daban zan buɗe mai suna Gari.

Adda_Hauwa

A nan kam na saba da kai, Injiniya. Kowane sabon fili ƙarin akwati ne a fom ɗin buɗe tikiti, kuma na ga yadda mutane suke yi idan fom ya yi tsawo: su daina buɗe tikiti, su koma turo matsala ta WhatsApp, inda ba za a sake ganinta ba bayan mako ɗaya. Garuruwa huɗu ne kawai. Laƙabi huɗu masu tsari ɗaya, `gari-kumo`, `gari-dukku`, `gari-bajoga`, `gari-billiri`, sun wadatar, domin da zarar mutum ya rubuta `gari` Jira za ta nuna masa waɗanda ake da su ya zaɓa. Sharaɗin kawai shi ne a amince cewa laƙabi duka da ƙananan haruffa ne, da karan tsakiya, kuma babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsu, ba don an raina haruffan ba, sai don rabin ma'aikata suna rubutu a kwamfutar da ba ta da su. A sunan sashe kuwa a rubuta Hausa yadda take, tunda zaɓa ake yi.

Injiniya_Bappah

Hujjarki a kan tsawon fom tana da ƙarfi, Adda. Abin da nake tsoro shi ne yarjejeniyar da ba na'ura ce take tsare ta ba, sai ƙwaƙwalwar mutane, domin yarjejeniya irin wannan ce ta haifi 93 tun farko. Idan ƙungiyar manoman za ta riƙa neman rahoton matsalolin kowane gari a ƙarshen wata, ina nan a kan fili. Idan kuwa don amfanin cikin gida ne lokaci zuwa lokaci, laƙabinki ya isa.

Sadiq_Wunti

Na gode da gyaran da aka yi mini a sama, lallai a GitHub nake. Ina da tambaya a kan bincike, tunda mun fara amfani da Jira a wani aikin. Na so in ga duk tikitin da ba na gwaji ba, sai na rubuta `labels != gwaji`, amma aka kawo mini 30 kacal alhali aikin yana da fiye da 150, kuma waɗanda ke da laƙabin gwaji ba su wuce goma ba. Ina sauran suka shiga?

Adda_Hauwa

Sadiq, sauran su ne waɗanda ba su da laƙabi ko ɗaya. Wannan sharaɗi yana duba tikitin da ke da wani abu a filin ne kawai, wanda filinsa yake fanko ba ya shiga lissafi. Ga yadda ake rubuta shi:

```
project = ABC AND (labels != gwaji OR labels is EMPTY)
```

Haka abin yake a sashe ma. Zainab, wannan ya shafe ki kai tsaye, domin bayan kin cire laƙabobi daga tikiti masu yawa, da dama za su koma fanko, kuma duk wani allo ko ajiyayyen bincike da aka gina da `!=` zai fara ɓoye su ba tare da ya yi wani gargaɗi ba. Ki bi ajiyayyun bincikenku ki duba kafin zagaye na biyu, har da waɗanda suke neman tsofaffin laƙabobin da sunansu.

Umar_Azare

Tunda an koma kan sashe, me zai hana a tilasta shi, yadda ba za a iya buɗe tikiti ba sai an zaɓi ɗaya? In ba haka ba, bayan wata uku za a sake tara tikiti marasa sashe.

Malam_Garba_Yelwa

Mun gwada tilastawar, Malam Umar, kuma abin da muka samu shi ne mutane suna zaɓar na farko a jeri don fom ya wuce. Ginin da sunansa ya zo a sama ya tara ƙorafe-ƙorafen da ba nasa ba, har mai kula da shi ya zo yana tambaya ko an haɗa masa baki ne. Tikiti marar sashe ana ganinsa da bincike ɗaya, amma mai sashen ƙarya yana ɓuya a cikin jama'a. Yanzu mun bar filin a sake, ni kuma kowace Litinin da safe ina buɗe jerin marasa sashe in raba su, abin da ba ya wuce minti goma sha biyar.

Zainab_Jekadafari

Ga inda na kai zuwa yammacin yau. Na fitar da CSV kamar yadda Adda Hauwa ta ce, sannan na fara da binciken tikitin da suka yi kwana 180 ba a taɓa su ba, na samu 131, kuma 97 daga cikinsu suna cikin efik ɗin Gyare-gyare. Na ajiye jerinsu domin mu zauna a kansu ranar Alhamis. Na yi zagaye na farko a kan 88 ɗin biyan kuɗi, binciken tabbatarwa ya dawo babu komai. Ban yi zagaye na biyu ba tukuna, domin na tarar da ajiyayyun bincike uku da allo ɗaya da suke dogara da `payment`, kuma ɗaya daga cikinsu na wani ne da ke hutu, sai ya dawo.

Sassan da na buɗe shida ne: Biyan kuɗi, Rajistar manoma, Rabon taki, Rahotanni, Manhajar wakilai da Saƙonnin waya. Na bar filin ba tilas ba, zan gwada hanyar Malam Garba ta Litinin. Maganar garuruwa ban yanke ba, domin sakataren ƙungiyar yakan nemi rahoton gari-gari a lokacin karɓar bashi kawai, ba kowane wata ba, wato muna tsakanin maganar Injiniya da ta Adda.

Wani abu kuma ya taso da ban zata ba. Akwai tikiti 23 da suka shafi daidaita bayanai tsakanin wayar wakili da uwar garke idan sabis ya dawo, kuma tikitin rasit ɗin Kumo yana cikinsu. Ba su da ranar ƙarewa, suna ratsa Biyan kuɗi da Rabon taki da Manhajar wakilai, amma mutum ɗaya ne a cikinmu yake iya gyara su. Injiniya, a tambayarka ta biyu sashe ne, a bayaninka na laƙabi kuma laƙabi ne. Wanne zan bi?

Injiniya_Bappah

Kafin in amsa, ki tambayi mai gyara su abu ɗaya: shin lambar da ke yin daidaitawar tana zaune a wuri guda ne da sauran ɓangarorin suke kira, ko kuwa kowane ɓangare da tasa aka rubuta masa? Idan wuri guda ne, ki buɗe sashe na bakwai ki ba shi jagorancinsa, ki cire laƙabin raunin sabis da na ba da shawara a sama daga kan waɗannan 23. Idan a warwatse take, ki bar su a sassansu da laƙabi ɗaya, sannan ku yi tunanin efik na tattara ta wuri guda kafin lokacin karɓar bashi ya zo.

Zainab_Jekadafari

Na tambaye shi yanzu. Ya ce rabi da rabi ne: ta biyan kuɗi da ta rabon taki suna amfani da lamba ɗaya, amma ta manhajar wakilai daban aka rubuta ta tun farkon aikin, kuma bai taɓa samun lokacin haɗe su ba. Zan kawo jerin 23 ɗin gobe in Allah ya kai mu, mu ga nawa ne suka faɗa kowane ɓangare.